Kumburin Idon Sawu da Yamma: Yadda Za Ka Bambance na Gajiya da na Zuciya, Ƙoda ko Hanta

Duk wanda ya taɓa wuni a tsaye a kasuwar Taminus, ko ya yi zaman mota daga Abuja har ya hau Hawan Kibo ya sauka a Jos, ya san yadda takalmin da ya shiga ƙafa salin-alin da safe yake komawa yana matse ta da yamma, kuma idan aka cire safa sai a ga robarta ta bar zobe a fata. Mafi yawan irin wannan kumburi ba shi da wata illa. Sai dai kuma da irinsa ne ciwon zuciya da na ƙoda da na hanta suke fara sallama, kuma a kwanakin farko ido kaɗai ba ya iya raba su. Abin da yake raba su shi ne lokacin da kumburin yake zuwa da lokacin da yake tafiya, sannan da abokan tafiyarsa, wato numfashi da fitsari da ciki da nauyin jiki. Waɗannan kuwa abubuwa ne da mutum zai iya bibiya a gida cikin mako guda, da babban yatsansa da tef ɗin tela da sikeli.

Dalilin da ya sa ƙafa ce take fara nunawa

Jinin da zuciya ta tura zuwa ƙafa dole ne ya hauro sama ya dawo, kuma abin da yake taimaka masa shi ne naman sharaɓa, wanda duk lokacin da mutum ya taka sai ya matse jijiyoyin ya tura jinin sama, tare da wasu ƙananan murafu a cikin jijiyoyin da suke hana shi komawa baya. Idan mutum ya tsaya cak ko ya zauna ƙafafunsa a ƙasa na tsawon awanni, wannan famfon ya daina aiki ke nan, jini ya taru a ƙasa, ruwan da ke cikinsa ya riƙa tsattsafowa zuwa ƙarƙashin fata. Da dare idan aka kwanta, ƙafa da zuciya suka daidaita, sai ruwan ya koma cikin jini, ƙoda ta fitar da shi.

Zuciya da ƙoda da hanta kuwa kowace da hanyar da take kawo wannan ruwa. Zuciyar da ta yi rauni ba ta iya kwashe jinin da yake dawo mata, sai ya yi cunkoso a baya. Ƙodar da ta lalace tana riƙe gishiri da ruwa, ko kuma ta riƙa yoyon furotin cikin fitsari. Hanta ita ce take ƙera wani furotin mai suna albumin, wanda shi ne yake riƙe ruwa a cikin jijiya, don haka idan ta gaza sai ruwan ya tsere. Akwai abu guda da ya kamata a riƙe tun daga nan: idan kumburin na dukan jiki ne, babban mutum yana iya tara ruwa wajen lita 3 kafin ya fito fili a ƙafa, kuma kowace lita ɗaya kilo ɗaya ce a kan sikeli. Shi ya sa sikeli yakan riga ido gani.

Kafin komai: alamun da ba a jira da su

Ba kowa ne ya dace ya tsaya yin bibiyar mako guda ba. Wanda ƙafarsa ta kumbura kuma numfashinsa yana sarƙewa alhali yana zaune bai yi aikin komai ba, ko yana jin ciwon ƙirji, ko yana tari da jini ko da majina mai kumfa, asibiti zai tafi a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne. Haka wanda ƙafarsa ɗaya ce ta kumbura farat ɗaya tana ciwo, da wanda fitsarinsa ya ragu ƙwarai ko ya ɗauke, da wanda idonsa ya yi rawaya yana sambatu ko aman jini. Mace mai ciki da ta wuce mako 20, idan kumburin ya hau fuska da hannaye tare da ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi ko ciwo a saman ciki, kada ta jira ranar awo, domin wannan yana iya zama hawan jinin masu ciki wanda yake kaiwa ga jijjiga. Awon jinin da ya kai 140/90 ga mai ciki abu ne da ake dubawa a ranar.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai a bi matakan nan a natse.

Mataki na farko: ƙafa ɗaya ce ko biyu

Ka zauna a wuri mai haske ka miƙe ƙafafun biyu ka kwatanta su. Zuciya da ƙoda da hanta kusan kullum ƙafa biyu suke kumburawa, domin matsalar tana cikin jinin da yake zagaya dukan jiki. Idan ƙafa ɗaya ce, to a cikin ita ƙafar za a nemi dalili. Abin da aka fi tsoro shi ne gudan jini ya toshe babbar jijiyar cikin sharaɓa ko cinya, musamman bayan doguwar tafiya ko kwanciyar jinya ko tiyata ko haihuwa, saboda gudan yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Ka auna kaurin sharaɓa a wuri ɗaya a kowace ƙafa, kamar santimita 10 ƙasa da ɗan tudun ƙashin da ke ƙarƙashin gwiwa. Idan bambancin ya wuce santimita 3, a tafi asibiti a ranar, kuma ina roƙon kada a kai ƙafar wurin mai tausa ko mai ɗori ya mulmule ta. Idan fatar ta yi ja tana zafi kuma akwai zazzaɓi, ƙwayoyin cuta ne suka shiga, abin da ya fi haɗari ga mai ciwon suga. Kumburin da ya daɗe shekaru, fata ta yi kauri ta yi tauri, yana iya zama tundurmi, wanda sauro yake yaɗawa. A shekarar 2017 aka sanar da cewa jihohin Filato da Nasarawa sun kawar da shi a matsayin matsalar lafiyar al'umma, amma waɗanda ya riga ya kama tun da suna nan da ƙafarsu.

Mataki na biyu: dannawa da yatsa, safe da yamma

Ka sa babban yatsa a kan ƙashin ƙwauri, ɗan sama da idon sawu inda babu nama sosai, ka danna da ƙarfi amma ba har ya yi zafi ba, ka ƙirga goma a hankali, sannan ka ɗaga. Idan wurin ya lotsa kamar an danna tuwo mai ɗumi kuma ramin ya ɗauki lokaci kafin ya cike, ruwa ne a ƙarƙashin fata. Daga nan sai ka riƙa hawa sama kana dannawa, tsakiyar ƙwauri, ƙarƙashin gwiwa, cinya, har ka ga inda lotsawar ta tsaya. Wannan iyakar tana da amfani fiye da zurfin ramin, domin kumburin gajiya yakan tsaya a idon sawu ko ɗan sama da shi, wanda kuwa ya haura gwiwa ba na gajiya ba ne. Ga tsoho ko majinyacin da yake yawan kwanciya, ruwan ba ya sauka ƙafa, a tsatso yake taruwa, don haka can za a danna.

Ka yi wannan sau biyu a rana, da asuba kafin ka fara zirga-zirga da kuma bayan isha'i, kuma kowane lokaci ka zagaya tef a wuri ɗaya, a siririn wurin da ke saman idon sawu, ka rubuta. Kumburin da babu shi da safe, ya zo da yamma, ya ƙaru ranar da aka fi tsayuwa, ya ragu ranar hutu, ya fi kama da marar illa. Wanda aka wayi gari da shi, kuma kowane mako yana ƙara hawa, yana buƙatar gwaji.

A nan akwai wani tarko da mutane da yawa suke faɗawa, kuma ina son a lura da shi sosai. Kumburin ciwon zuciya ma a farkonsa yakan saɓe da safe. Abin da yake faruwa shi ne ruwan ƙafar ya koma cikin jini da dare, wani ya fita a fitsari, wani kuma ya taru a huhu. Saboda haka saɓewar ƙafa da safe ba ta isa hujja ita kaɗai ba, sai an tambayi yadda daren ya kasance.

Mataki na uku: numfashi da dare da sikeli

Tambayoyin zuciya tambayoyi ne na yau da kullum, kuma Jos gari ne da yake sauƙaƙa amsa su saboda hawa da gangarensa. Hawan da kake yi zuwa masallaci ko zuwa bakin titi bara ba tare da tsayawa ba, yanzu sai ka tsaya ka huta a tsakiya? Kana iya yin hira kana tafiya, ko haki yana katse maka magana? Matashin kai nawa kake kwana a kai, kuma bara nawa ne? Mutumin da zuciyarsa ta fara gazawa ba ya iya kwanciya a miƙe, domin da zarar ya kwanta ruwa yana malalowa huhu, sai ya ƙara matashi na biyu, daga baya na uku, a ƙarshe ya koma kwana a jingine a kujera. Wani kuma barci zai ɗauke shi lafiya, bayan awa biyu ko uku ya farka a firgice kamar an shaƙe shi, ya tashi zaune ko ya buɗe taga duk da sanyin hunturu. Sau da yawa ana ɗaukar wannan a matsayin asma ko sanyin ƙirji, a yi ta shan maganin tari, alhali zuciya ce.

Sikeli shi ne shaida na biyu. Ka hau shi kowace safiya bayan ka yi fitsari, kafin karin kumallo, da tufafi iri ɗaya, a kan daɓe mai tauri. Ƙarin kilo 2 cikin kwana 3 ba ƙiba ba ce, domin kitse ba ya taruwa da wannan saurin, ruwa ne. Wanda ba shi da sikeli a gida yana iya amfani da na kemis ɗin unguwa, muddin dai shi ɗin zai riƙa hawa kullum a lokaci ɗaya.

A ƙasarmu hawan jinin da aka daɗe ba a kula da shi ba shi ne kan gaba wajen gajiyar da zuciya, don haka duk mai kumburin ƙafa ya auna jininsa ko da bai taɓa jin ciwon kai ba. Akwai kuma wani nau'i da ya shafi gidajenmu kai tsaye, wato raunin zuciyar da yake kama mace daga watan ƙarshe na ciki zuwa watanni biyar bayan haihuwa. Likitoci a Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, kuma sun lura da yadda kunun kanwa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta suke ƙara wa zuciyar mai jego nauyi, domin kanwa gishiri ce a wurin jiki, ruwa take riƙewa. Ɗan kumburin ƙafa a makon farko bayan haihuwa abu ne da aka saba gani kuma yakan tafi da kansa. Amma mai jegon da kumburinta yake ƙaruwa bayan suna, tana haki idan ta ɗauki jariri, tana tari da dare, ba gajiyar haihuwa ce take damunta ba, kuma ƙara mata kunun kanwa ƙara wa wuta fetur ne. Uwar miji ko gwaggon da ta zo zaman jego ita ce ta fi kowa damar ganin wannan, kuma ita ce ya kamata ta ce a tafi asibiti ba sai an yi arba'in ba.

Mataki na huɗu: fuska da fitsari

Ƙoda takan nuna kanta a fuska. Ka dubi madubi da asuba: idan fatar ido ta cika ta yi luhu-luhu, zuwa hantsi ta saɓe, da yamma kuma ƙafa ta karɓa, ruwan ne yake bin inda ya fi gangare, kuma wannan salon ya fi yawa a ciwon ƙoda. Sannan ka dubi fitsari. Kowane fitsari yana ɗan yin kumfa idan ya zuba da ƙarfi, amma kumfar takan mutu nan da nan. Wadda take tsayawa kamar ta sabulu, a kora ruwa ta ƙi tafiya, kuma kullum haka, tana nuna yoyon furotin. Fitsari mai launin shayi ko mai jini, da yawan tashi fitsari da dare, da ƙaiƙayin jiki da tashin zuciya da rashin son abinci, duk suna ƙara nuni ga ƙoda.

Gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce ƙoda tana iya rasa babban kaso na aikinta ba tare da ciwo ko kumfa ba, kuma ciwon baya da mutane suke dangantawa da ita yawanci ba nata ba ne. Don haka mai ciwon suga ko hawan jini da ya ga kumburin ƙafa kada ya tsaya ga abin da idonsa ya gani, ya je a tsoma ɗan tsinken gwaji a fitsarinsa, a kuma ɗebi jini a auna kiriyatinin. Daga kiriyatinin ake lissafa ƙarfin tacewar ƙoda, kuma idan lissafin ya zauna ƙasa da 60 har tsawon wata 3, ana ɗaukarsa ciwon ƙoda mai daɗewa.

Mataki na biyar: ciki da ido

A ciwon hanta ciki ne yakan fi ƙafa magana. Mazagin wando yana matsewa, ciki yana tasowa har cibiya ta turo, amma hannaye da kafaɗu da fuska suna ramewa. A duba farin ido a hasken rana, ba a hasken ƙwan lantarki ba, a ga ko ya yi rawaya irin ta shawara. Fitsari yakan yi duhu, jiki ya riƙa ƙaiƙayi, dasashi ya riƙa jini. Manyan dalilai a wurinmu su ne ciwon hanta nau'in B da nau'in C, waɗanda mutum yake iya ɗauke da su shekaru ashirin ko talatin bai sani ba, sai kuma giya, burkutu ne ko na kwalba. Gwajin nau'in B ɗigon jini ne, kuma wanda aka taɓa samun ciwon a gidansu, musamman wajen mahaifiya, ya kamata ya yi shi ko ƙafarsa ba ta kumbura ba. Jiƙe-jiƙen shawara da ba a san abin da ke cikinsu ba suna iya ƙarasa hantar da ta riga ta jigata.

Mataki na shida: juye ledar magunguna

Wannan mataki ne da ake yawan tsallakewa, alhali shi ne yake warware matsalar mutane da yawa. Ka tattaro duk abin da kake sha, na asibiti da na kemis da na gargajiya. Amlodifin da nifedifin, waɗanda suke cikin magungunan hawan jini da aka fi rubutawa, suna buɗe ƙananan jijiyoyi har ruwa ya tsattsafo a ƙafa, kuma abin ya fi yawa a miligiram 10 fiye da 5. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen suna sa ƙoda ta riƙe gishiri, suna ɗaga jini, kuma idan aka daɗe a kansu suna lalata ƙodar kanta. Deksametason da firednisolon, waɗanda wasu suke sha don su yi ƙiba, su ma ruwa suke tarawa, haka fiyogilitason na masu suga. Idan kumburin ya fara makonni kaɗan bayan an fara wani magani ko an ƙara yawansa, ka rubuta ranar. Amma kada ka daina maganin hawan jini da kanka, domin kumburin idon sawu bai kai shanyewar ɓarin jiki ba, kuma wanda ya daɗe yana shan deksametason ma ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali likita yake rage shi.

Yadda abin yake a aikace

Mu ɗauki misalin wani tela mai shekara 54 da yake da shago a wajen Taminus, yana kwana a Unguwar Rogo. Keken ɗinkinsa na lantarki ne, don haka daga safe zuwa magariba ƙafarsa tana ƙasa ba ta motsi sai lokacin salla. Wata biyu ke nan yana ganin sau-cikinsa yana matse shi da yamma, kuma hankalinsa ya tashi domin wansa yana wankin ƙoda. Ya ɗauki tef ɗin aikinsa ya fara rubutu a bayan littafin awon kwastomomi. Ƙafa biyu ne, daidai da juna. Da asuba idon sawunsa santimita 23 ne kuma ba ya lotsawa, bayan isha'i ya kai 25, lotsawar kuma tana tsayawa kamar faɗin yatsu huɗu sama da idon sawu. Ranar Juma'a da ya tashi aiki da wuri 24 ya samu. Nauyinsa tsawon kwana 7 yana tsakanin kilo 81 da 81.5. Matashi ɗaya yake kwana a kai, yana hawa tudun unguwarsu ba ya tsayawa, fuskarsa ba ta canzawa da safe, fitsarinsa ba kumfa, idonsa fari.

Da ya je asibiti da littafin da ledar magungunansa, ma'aikaciyar jinya ta ɗaga wani kwali ta ce, "Baba, yaushe aka mayar da kai na 10?" Ya ce, "'Yata, bayan ƙaramar salla ne." Ta sake ɗaga wani, "Wannan fa, wa ya rubuta maka?" Ya ce a kemis yake saye saboda ciwon ƙugu, kusan kullum sai ya sha biyu. Amlodifin ne da diklofenak. Jininsa 138/86, fitsarinsa babu furotin, kiriyatinin daidai, likita ya saurari ƙirjinsa bai ji ruwa ba, jijiyoyin wuyansa kuma ba su cika ba. Aka mayar da amlodifin zuwa miligiram 5, aka haɗa masa da wani maganin hawan jinin mai suna losatan, aka ce ya bar diklofenak ya koma farasitamol, ya kuma dawo bayan mako 2 a sake auna jini da kiriyatinin da wani sinadarin cikin jini mai suna fotasiyam, domin haka ake yi duk lokacin da aka fara losatan.

Da littafin ya nuna wani abu dabam, da hukuncin ya canza gaba ɗaya. A ce nauyin ya tashi daga 81 ranar Litinin zuwa 83.5 ranar Alhamis, awon asuba ya koma 25, kuma ya tuna cewa tun watan jiya ya ƙara matashi. A nan ba za a ɗora laifin a kan amlodifin ba ko da yana shan sa, kuma ba zai jira mako ya cika ba. Likita zai nemi hoton ƙirji, da gwajin bugun zuciya wanda ake liƙa wayoyi a ƙirji, da hoton zuciya da ake kira eko, wanda yake nuna ƙarfin matsawarta da lafiyar murafunta. Irin waɗannan gwaje-gwaje ana yin su a manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, amma awon jini da gwajin fitsari, waɗanda da su ake farawa, ƙaramin asibitin unguwa ma yana yi. Yana da kyau a auna yawan jini ma, domin ƙarancin jini mai tsanani yana kawo haki da kumburi.

Idan an tabbatar marar illa ne

Maganinsa motsi ne da ɗaga ƙafa da rage gishiri. Mai aikin zama ya tashi duk bayan awa ɗaya ya taka na minti biyu ko uku, idan kuma ba hali ya riƙa ɗaga dunduniya yana saukewa sau ashirin a inda yake. Ɗora ƙafa a kan ƙaramar kujera kana zaune ba ya yin wani aiki sosai, sai an kwanta an ɗora ƙafar a kan matashi biyu ta fi ƙirji tsawo, na minti 20 zuwa 30, kuma bayan azahar lokaci ne mai kyau ga wanda zai iya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a rana, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a cikin lissafin har da magi da kanwa da yajin tsire da kilishi da garin ɗanɗanon da ke cikin taliyar leda. A gidaje da yawa magin miya kaɗai yana cinye babban kaso na wannan adadin, don haka maganar ta uwargida ce kafin ta zama ta mai ƙafar. Rage shan ruwa ba ya maganin irin wannan kumburi, sai dai idan likita ne ya ƙayyade wa mai ciwon zuciya ko ƙoda.

Wanda jijiyoyin ƙafarsa suka fito suka murɗe, fatar idon sawu ta yi duhu tana ƙaiƙayi, murafun jijiyoyinsa ne suka saki, kuma safar matsi tana taimaka masa idan ya sa ta da asuba kafin ƙafar ta cika, ya cire lokacin barci. Mai ciwon suga da mai shan taba da wanda sharaɓarsa take ciwo idan ya yi tafiya, kada su sa ta sai an duba cewa jini yana isa ƙafar.

Abin da na fi jin tsoro a wannan babi shi ne maganin fitsari, wato furosemaid, wanda ake saye a kemis ba tare da takarda ba saboda wani ya ce ya gwada ƙafarsa ta saɓe. Lallai zai sa a yi ta fitsari, amma kumburin amlodifin da na sakin jijiya ba sa jin sa sosai, domin ruwan bai yi wa jiki yawa ba, wuri kawai ya sauya. Abin da zai biyo baya shi ne jiri da bushewar jiki da zubewar fotasiyam, wanda yake iya rikita bugun zuciya, ga kuma ƙoda da za ta wahala, balle idan an haɗa shi da diklofenak. Ga mai ciwon zuciya na gaske kuwa, maganin zai ɓoye alamar na 'yan makonni alhali ciwon yana ci gaba, sai ya iso asibiti a makare. Wanda ya riga ya fara sha ya faɗa wa likita sunan maganin da yawan da yake sha da ranar da ya fara, domin hakan yana canza yadda za a karanta sakamakon kiriyatinin da fotasiyam ɗinsa.